Babi na Huɗu: Sallama Kafin Tambayar Hanya a Abakpa

Me ya sa wani zai tsaya a bakin layi ya tambayi gida, a tashi yaro a haɗa su har ƙofar gidan, wani kuma ya zo wannan layin, ya tambayi wannan gidan, a dube shi sama da ƙasa a ce ba a sani ba? Duk wanda ya taɓa yawon neman gidan ɗaurin aure ko na ta'aziyya a Kaduna ya yi wa kansa wannan tambaya. Wasu su ce sa'a ce, wasu su ce mutanen birni ne ba su da kirki. Sai dai in aka bi abin a hankali, za a tarar an riga an yanke hukunci tun kafin baƙon ya ambaci sunan gidan. An yanke shi ne a kan yadda ya iso, da wanda ya zaɓa ya tsayar, da abin da ya fara fitowa daga bakinsa.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne. Amma wanda aka tambaya yana da nasa tambayoyin guda biyu da yake yi a zuci. Ta farko: mutumin nan ya ɗauke ni da mutunci? Ta biyu: in na nuna masa, ba zan jawo wa maƙwabcina masifa ba? Gaisuwar da muka gada daga iyaye tana amsa ta farko sarai. Ta biyun ce zamani ya ƙara wa nauyi, ita ce kuma mafi yawan baƙi ke mantawa da ita. A unguwar Abakpa za mu tsaya mu duba yadda ake amsa duka biyun.

Unguwar da ta saba da baƙi

Abakpa, wadda bakin Hausawa ke kira Abakwa, tana cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa. In ka taso daga Kawo ka biyo titin Ali Akilu za ka nufi shataletalen Majalisar Dokoki, a wannan tsakanin take, tana maƙwabtaka da Unguwar Shanu da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja, wato NDA, wadda aka buɗe a 1964. Unguwar Sarki da Masallacin Sultan Bello ba su da nisa da ita.

Kaduna kanta garin baƙi ce. Turawa ne suka zaɓi wurin, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa suka biyo baya. Unguwar da ta girma a gefen bariki kuwa ta fi ko'ina tara jinsi. A Abakpa za ka sami Bahaushe da Bayerabe da Banufe da Babarbare da mutumin kudancin Kaduna, ga tsofaffin sojoji da suka yi ritaya suka zauna da iyalinsu. Hausa ce harshen titi, ko da yake ba kowa ne ya sha ta a nono ba. Saboda haka baƙunta ba abin mamaki ba ce a nan. Kusan kowane dattijon da za ka tarar a kan benci, shi ko mahaifinsa ya taɓa sauka a garin nan yana tambayar hanya.

Abin da ya canza shi ne abin da idon mutane ya gani. Rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011 sun sa jama'a sun yi ta ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, kowa ya koyi lura da sabuwar fuska a layinsa. A Fabrairun 2012 aka kai harin ƙunar baƙin wake hedikwatar runduna ta ɗaya ta sojan ƙasa da ke Kawo. Ranar 23 ga Yulin 2014 bam ya tashi a Kawo ɗin, lokacin da ayarin Janar Muhammadu Buhari ke wucewa. Sannan aka shiga zamanin garkuwa da mutane: a Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a Agustan shekarar 'yan bindiga suka shiga sabon mazaunin NDA ɗin kansa. Daga nan kalmar infoma ta zauna a bakin kowa, wato mutumin da ke zagayawa yana tattara wa ɓarayi labarin wane ne mai kuɗi, ina gidansa, yaushe yake dawowa.

To ka duba: aikin infoma tambaya ne, aikin baƙon kirki ma tambaya ne. Mai shagon da ka tsaya gabansa ba shi da hanyar ganin zuciyarka. Ni ban ga laifinsa ba in ya yi jinkiri, domin in wani abu ya sami mai gidan da ka tambaya da daddare, shi za a fara cewa an gani yana nuna wa baƙo ƙofa. Wanda ya gane haka ba zai ji haushi ba in an tsare shi da tambayoyi. Zai ma riga su kawo amsar.

Wa za ka tsayar?

Mutumin da ke zaune a wurin sana'arsa ya fi mai wucewa. Mai wucewa wataƙila shi ma baƙo ne, kuma tare mutum a tsakiyar tafiya yana razana shi. Mai shayi, tela, mai faci, mai wanki da guga, mai cajin waya, waɗannan suna wurinsu shekara da shekaru, sun san masu layin da laƙabinsu, suna kuma cikin idon jama'a, don haka ba sa jin tsoron amsa ka. 'Yan ga-ruwa sun san cikin lungu fiye da kowa, tunda gida-gida suke kai ruwa. Majalisar dattawa a gindin bishiya ko ƙofar masallaci ita ce ta fi duka, sai dai ita ce kuma ta fi neman cikakken ladabi.

Akwai waɗanda ya kamata ka bari. Mai shagon cirar kuɗi da ke tsakiyar ƙirga kuɗi ba ya son baƙuwar fuska ta matso masa, komai daɗin sallamarta. Mace ita kaɗai a lungu, in kai namiji ne, ka wuce ta ka nemi namiji. Babban abin kiyayewa shi ne yara. A da, yaro ne ake fara kira, a ce zo ka nuna mini gidan wane. Tun da aka gano yaran Kano da aka sace aka kai Anaca a 2019, iyaye a faɗin Arewa suke gargaɗin 'ya'yansu game da baƙon da ke kiransu gefe. Babban mutum a cikin mota yana yafito yaro da hannu, wannan hoto kaɗai ya isa ya tara maka jama'a. In yaro zai raka ka, bari babba ɗan unguwa ya kira shi ya haɗa ku, kuma ku tafi a ƙasa, yaron na gaba kana biye.

Kafin ka buɗe baki

Ana karanta mutum tun daga nesa. Koyarwar Musulunci da kowane ɗan makarantar Islamiyya ya sani ita ce wanda ke kan abin hawa shi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, mai tafiya kuma shi ke yi wa na zaune. Al'ada ta ɗora nata a kai: in na zaunen ya girme ka, ka sauko. Ka faka motarka a gefe inda ba ta tare ƙofar kowa ba, ka kashe ta, ka tako da ƙafarka. Danna ham, ko zuge gilashi rabi ka yafito dattijo ya taso ya same ka, raini ne tsantsa, ko da kalmomin da za su biyo baya zuma ne. Ban da raini ma, mota mai baƙin gilashi da injinta ke kunne, da mutum biyu ko uku a ciki ba wanda ya fito, ita ce siffar da ake faɗa wa 'yan sintiri su lura da ita.

Fuskarka ta fito fili. Cire baƙin tabarau, sauke takunkumi, tuɓe hular kwano in a kan babur kake, zare abin sauraren waya daga kunne. Wayar kanta ka rage ta ƙasa. Mutane da yawa yanzu suna isowa suna bin Google Maps, wayar a ɗage daidai ƙirji, suna juyawa hagu da dama. Ga mai kallo daga benci, wannan ba shi da maraba da mai ɗaukar hoton gidaje. Tunkari mutum ta gabansa, ka tsaya kamar taku biyu daga inda yake, hannuwanka a waje. In dattijo ne ka ɗan rusuna, in suna kan tabarma ka tsaya daga bakinta, kada takalminka ya hau.

Batun musafaha yana son lura. Tsakanin maza sa'o'in juna, miƙa hannun dama bayan sallama daidai ne. Ga dattijo, jira ya miƙo tukuna, ka karɓa da hannu biyu. Ga mace ba a miƙawa. Akwai kuma wanda zai amsa sallamarka da fara'a amma ya riƙe hannunsa, musamman tun ji-ta-ji-tar ɓacewar al'aura bayan gaisawa da baƙo, wadda ta yi ƙamari a Abuja a 2023 har aka lakaɗa wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba duka. In ka ga hannu bai taso ba, dafa ƙirjinka da naka ya wadatar.

Sallama, ko sannu?

A yawancin layukan Abakpa, "Salamu alaikum" ita ce mabuɗi, kuma Kiristan da ya tashi a Kaduna zai amsa maka ita ba tare da ya ji wani abu ba. Duk da haka, in ka ga alama a fili, misali sunan da ke jikin shago ko kuros a wuya, "Sannu da aiki" ko "Barka da rana" ta fi sauƙi a gare ku duka. Wanda ba Musulmi ba kuma, in bakinsa bai saba da sallama ba, kada ya tilasta wa kansa don neman shiga. "Sannunku da hutawa, Baba, ina wuni" ba ta rage masa komai. Abin da ba shi da kyau shi ne ka mai da gaisuwa ma'aunin gane addinin mutum ko ƙabilarsa. A garin da aka taɓa tare mutane a hanya ana yi musu irin wannan gwaji, kunne yana saurin jin ƙamshinsa.

Bayan mabuɗi sai gaisuwar lokaci: ina kwana da safe, ina wuni in rana ta raba, barka da yamma bayan la'asar. Sai guda ɗaya da ta dace da halin da ka same shi, ya kasuwa ga mai shago, ya aiki ga tela, ya sanyi a lokacin hunturu, ya ruwa da damina. Wannan ta ƙarshen ita ke nuna ka ga mutumin da kansa, ka ga abin da yake yi.

Sunan da za ka kira shi ma yana da muhimmanci. Malam ya dace da kusan kowane babban namiji. Mai furfura Baba ne, ko Alhaji. Dattijuwa Mama ce, ko Hajiya. Matar aure da ba ta manyanta ba, Malama ko Hajiya, in kuma daga kudu take, Madam ba ta ɓata mata rai. Saurayi a ce masa ɗan'uwa ko abokina. Mai kaki Yallaɓai ne ko Oga. In jama'a ne, ko dattijo guda da kake son girmamawa, yi amfani da "ku": sannunku, mun same ku lafiya. "Kai!" da "Ke!" da fito da tafa hannu, waɗannan sun rufe ƙofa tun ba a ƙwanƙwasa ba. "Bawan Allah" da "baiwar Allah" suna da kyau a bakin babba zuwa ga na ƙasa da shi, amma yaro ya faɗa wa sa'an ubansa, akwai ɗan sanyi a ciki.

Tsawon gaisuwa

A nan mutanen karkara da na tsofaffin birane kan yi tuntuɓe, saboda kirkinsu. A gida an koya mana gaisuwa mai tsawo ita ce ladabi: ya gida, ya iyali, ya yara, ya gajiya, ya ƙarin haƙuri. Tsakanin waɗanda suka san juna haka ne. Ga wanda bai taɓa ganinka ba a titin Kaduna, gaisuwar da ta wuce zagaye uku tana fara ɗaga masa hankali, domin ya san masu zuwa da irinta. Akwai mai gaisuwa da roƙon iri, wanda zai ƙare da cewa kuɗin mota ya yanke masa. Akwai kuma ɗan damfara, wanda da tambayar hanya yake fara aikinsa: ya ce shi baƙo ne daga wata ƙasa, ya kawo kaya bai san inda zai kai su ba, kafin ka ankara abokin aikinsa ya matso kamar mai wucewa ya sa baki. Duk wanda ya daɗe a Kaduna ya ji labarin wanda aka wanke ta wannan hanya.

Ma'aunin da na ga ya fi dacewa shi ne sallama, gaisuwar lokaci, gaisuwar hali guda, sai ka ce: "Don Allah tambaya nake." Wannan gajeriyar jimla tana sauke wa mai sauraro nauyi, domin ta shaida masa ba kuɗinsa kake so ba, ba kuma wani dogon zance ka kawo ba. Sau da yawa za ka ji an amsa da "Allah ya sa mun sani." In ka ji haka, an ba ka fili. Ga majalisar dattawa ana iya ƙara zagaye ɗaya, kuma ka bari babbansu ya gama amsawa kafin ka shigo da buƙata. Katse dattijo yana tsakiyar "lafiya lau, alhamdu lillahi" ya fi rashin gaisuwar muni.

Faɗi naka kafin a tambaya

Wannan ita ce zuciyar babin. Ɗan unguwa yana so ya san abu uku: daga ina kake, wa kake nema, me ya haɗa ku. In ka bari sai ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, hira ta zama bincike, kowace amsa kuma tana zuwa masa kamar an matso ta. In ka zuba su da kanka a numfashi guda, ka zama baƙo mai uzuri.

Akwai kuma bambanci babba tsakanin tambayar wuri da tambayar mutum. "Ina masallacin Juma'a?" ko "Ta ina zan fita titin Ali Akilu?" tambayoyi ne da ba su da haɗari ga kowa, har mai gaggawa zai nuna maka da hannu. "Ina gidan wane?" kuwa amana ce kake neman a ba ka. Saboda haka tun kafin ka baro gida, ka sa wanda za ka je wurinsa ya ba ka alamar da ke kusa da shi, masallaci ko makaranta ko kemis, ka riƙa tambayar alamar har ka iso layin. Sunan mutum sai a zangon ƙarshe.

Wasu tambayoyi kuma ba na baƙo ba ne sam. Yana gari? Ƙarfe nawa yake dawowa? Wace mota yake hawa? Shi ne mai ɗa a Turai? Ko da zuciya ɗaya ka yi su, su ne ainihin tambayoyin infoma. In kana son sanin ko yana gida, kira shi a waya.

Mu bi wani baƙo

Mu ɗauka wani magidanci ya taso daga Funtuwa zai yi ta'aziyyar surukar abokin kasuwancinsa, mai sayar da yadi, wanda ke zaune a Abakpa. Ya sauka a tashar Kawo wajen ƙarfe uku, ya hau Keke Napep ya biyo titin Ali Akilu, aka sauke shi a bakin unguwa. Wayar abokin tana ta ƙara ba a ɗauka, abin da ba baƙon abu ba ne a gidan makoki. Abin da ya sani kawai shi ne gidan yana bayan wani masallaci, kusa da injin niƙa.

Ya hangi tela a shagonsa da wasu dattawa biyu a kan benci. Ya sa wayarsa a aljihu, ya matso ta gabansu, ya ɗan rusuna.

"Salamu alaikum. Sannunku da hutawa, Baba. Ina wuninku?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Sannu da zuwa."

"Ya aka ji da zafin nan?"

"Lokacinsa ne."

"Don Allah tambaya nake. Baƙo ne ni daga Funtuwa, na zo ta'aziyya gidan Alhaji mai yadi, wanda surukarsa ta rasu shekaranjiya. Tare muke harka a kasuwa. An ce mini gidan yana bayan masallaci, kusa da injin niƙa. Na kira wayarsa bai ɗauka ba."

Dubi abin da ya ba su. Ya faɗi garinsu, ya faɗi dalilin zuwansa, dalilin kuma abu ne da za su iya gaskatawa nan take, tunda in an yi rasuwa a layin sun sani, wataƙila ma sun halarci jana'izar. Ya ambaci mutumin da sana'arsa, yadda unguwa ta san shi, domin cikakken sunan da ke kan katin banki sau da yawa maƙwabta ba su san shi ba. Ya nuna an riga an yi masa rabin kwatance, alamar cewa daga gidan aka san da zuwansa. Ya kuma bayyana abin da ya hana shi kiran mai gidan, wadda ita ce tambayar da kowa zai fara yi a zamanin waya.

Mai yiwuwa ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Wane Alhajin, na Zariya ko na Bida?" Wannan rabinta neman bayani ne, rabinta gwaji. In ya sani ya faɗa. In bai sani ba, ya ce bai sani ba, ya ƙara da wani abin da ya sani, kamar layin da shagonsa yake a kasuwa. Kame-kame a wannan gaɓa shi ke rusa duk abin da aka gina. Daga nan telan na iya kiran yaron shagonsa ya ce ya raka shi, ko ya ce, "Zauna, bari in kira ɗansa." Baƙon ya zauna. Wanda ya ce a'a, a nuna masa kawai, kada a kira kowa, ya jefa kansa cikin zargi da hannunsa.

A ƙarshe sai godiya: "Na gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Ba a miƙa wa dattijo kuɗi don ya yi kwatance, cin fuska ne. Yaron da ya yi rakiya ana iya ba shi ɗan abin sayen alewa, a ƙofar gidan, a gaban mutane. In ya fito daga ta'aziyya ya biyo ta gaban shagon, ya tsaya ya ce ya sami gidan, ya yi musu sai an jima. Wannan tsayawa ta biyu tana da daraja, domin ita ke tabbatar musu ba su yi kuskure ba.

Yanzu a juya. Mutumin nan dai, da niyyarsa ta alheri, amma ya zo a motar haya da ya yi shata, ya tsaya a gaban benci, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ina gidan Alhaji wane?" Za a ce masa, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, nemansa nake." Za a dubi juna a ce, "Gaskiya ba mu san shi ba, gwada gaba." Ko da gidan yana kallon su.

Yadda za ka gane ta ɓaci

"Ban sani ba" iri biyu ce. Ta gaskiya takan zo da ƙoƙari: mutum ya maimaita sunan, ya juya ya tambayi na kusa da shi, ya tura ka wurin mai shayin da ya fi shi daɗewa. Ta ƙin faɗa takan zo da sauri, a gajarce, ba a tambayi kowa ba, ido kuma yana kan jakarka ko lambar motarka. In ka ga hira ta tsaya cak a majalisa, ko wani ya tashi ya koma gefe yana waya, ko samari sun fara matsowa suna "Malam, ya aka yi?", to ka san an sa maka alamar tambaya.

Kada ka ɗaga murya, kada ka ce ai kai ba ɓarawo ba ne, kada kuma ka juya da sauri ka tafi. Mafi muni shi ne ka bar su ka ci gaba da zagaya layin kana leƙen ƙofofi. Tsaya inda kake, ka sake faɗin ko kai wane ne, ka nuna katin shaidarka ko katin gayyatar biki in da shi, ka kira mai masaukinka ka miƙa musu wayar su yi magana da shi. In bai ɗauka ba, ka ce a kai ka wurin mai unguwa ko limamin masallacin layin. Mai mugun nufi ba ya neman a kai shi gaban mai unguwa, kowa kuma ya san haka. Lokaci ma yana da nasa tasiri: tambayar da za a amsa da fara'a da la'asar, bayan sallar isha'i sai an yi mata tankaɗe da rairaya. In dare ya yi maka, ka tsaya a bakin titi inda akwai haske da jama'a, a fito a ɗauke ka.

Ƙofar gida da ƙofar bariki

In an nuna maka gidan, gaisuwa ba ta ƙare ba. Gidan da aka rubuta "Ba a shiga" a ƙofarsa, namiji baƙo yana tsayawa daga waje ya yi sallama da murya, ko ya aiki yaron gidan ya ce ana sallama da mai gida. Za a dawo a ce "In ji wa?" Ka ba da suna da gari, kada ka ce "Ka ce wani ne." Ka tsaya daga gefen ƙofa yadda idonka ba zai faɗa tsakar gida ba. Sunna ta iyakance neman izini sau uku, in ba a amsa ba a koma.

Mace baƙuwa tana da sauƙi ta wannan fuska. Tana iya shiga kowane gida da sallama ta tambayi matan gidan, kuma wannan ya fi mata tsayawa gaban majalisar maza. In dole sai majalisar, ta tsaya daga ɗan nesa ta gaishe su, ta fuskanci mafi tsufansu. Abubuwa ukun nan dai, daga ina, wurin wa, don me, suna kanta ita ma, domin an daina ɗauka cewa mace ba ta iya zama 'yar leƙen asiri.

Ƙofar bariki kuwa dokarta daban. Tunda Abakpa na jikin tsohuwar NDA, baƙo na iya ganin soja a bakin aiki ya ce bari ya tambaye shi. In ba barikin za ka shiga ba, ka nemi farar hula. In kuwa can ɗin za ka, kada ka faka a gaban ƙofa, kada ka ɗaga waya, ka tako a hankali hannunka a fili, ka tsaya inda aka ce ka tsaya. Gaisuwa a nan gajera ce: "Sannu da aiki, Yallaɓai," sai sunan wanda kake nema da muƙaminsa da sashen da yake aiki. Soja a bakin ƙofa ba ya son ya gida ya iyali, kuma tambayarsa abin da ke cikin bariki, ko da don sha'awa ce, tana iya sa ka wuni a ɗakin masu gadi.

Duk wannan ya kai ka ga matakin da mutum ya yarda ya yi maka kwatance. Saura ka fahimci abin da ya faɗa, wanda shi ma wani aiki ne. A Kaduna in an ce maka NDA, sai ka tambaya tsohuwa ta cikin gari ko sabuwa ta Afaka, domin tsakaninsu tafiya ce. Titin da allo ya ce Muhammadu Buhari, direba zai ce maka Waf. Babi na gaba zai duba wannan: yadda ake sauraren kwatance, abin da "nan kusa ne" da "miƙe kawai" ke nufi a bakin ɗan gari, da yadda za ka tabbatar da hanya wurin mutum na biyu ba tare da ka ƙaryata na farko ba.